Zanen PERT: yadda ake gano aikin da zai iya jira da wanda ba zai jira ba

Mai gini yakan tsaya a kan leburori masu haƙa tushe yana faɗa don sun makara da kwana biyu, alhali mai buga bulo yana can gefe ya makara da kwana ɗaya kacal, ba wanda ya ce masa uffan. A ginin da za mu lissafa a nan, kwana biyun masu haƙa ba za su taɓa ranar gamawa ba ko kaɗan, amma kwana ɗayan mai bulo zai tura ginin gaba ɗaya da kwana ɗaya. Zanen PERT shi ne hanyar sanin wannan bambanci tun kafin a sa diga a ƙasa.

An ƙirƙiro PERT a 1958 a ofishin ayyuka na musamman na rundunar sojan ruwan Amurka, tare da kamfanonin Booz Allen Hamilton da Lockheed, domin shirin makami mai linzami na Polaris. Matsalarsu ita ce yawancin ayyukan ba a taɓa yin irinsu ba, don haka ba wanda zai iya cewa ga kwanakin da za su ɗauka. Shi ya sa PERT take neman ƙiyasi uku ga kowane aiki maimakon ɗaya. A daidai wannan lokaci, wajen 1957, kamfanonin DuPont da Remington Rand sun fito da 'yar uwarta CPM, wadda take amfani da ƙiyasi ɗaya. Lissafin lokutan farawa da gamawa iri ɗaya ne a dukansu, kuma bai wuce tarawa da ɗebewa ba.

Misalinmu ginin shago ne mai ɗaki biyu. Fili yana nan, taswirar gini tana hannu, kuɗi ma an tanada.

Jerin ayyuka da abin da kowanne yake jira

Kafin a ja layi ko ɗaya, sai a rubuta ayyukan. Kowane aiki ya zama abu ne da yake da mafari da ƙarshe, yake cin lokaci, kuma akwai wanda za a tambaya idan bai kammala ba. "Gini" ya yi faɗi da yawa, "kwaɓa siminti" kuma ya yi ƙanƙanta. A shagonmu ayyuka goma sun isa.

Sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ainihin zanen: mene ne dole ya ƙare kafin wannan aiki ya fara? A lura da kalmar dole. Ana neman abin da yanayin aikin ya tilasta, ba abin da aka saba yi ba. Ba a ɗora bango sai da tushe da bulo, wannan dole ne. Amma idan ɗan kwangila ya saba ba da odar ƙofofi sai bayan an kai linta, wannan al'ada ce kawai, domin awon ƙofofin yana cikin taswira, kuma da zarar an buga turaku an tabbatar da awon a fili mai walda zai iya farawa. Duk kibiyar da aka ƙara saboda al'ada tana tsawaita aikin a takarda, daga nan kuma ta tsawaita shi a fili. Kuma a rubuta abin da ke gaban aikin kai tsaye kawai. Fenti yana jiran filasta. Ba sai an ƙara cewa yana jiran tushe ba, zanen zai nuna hakan da kansa.

Ƙiyasi uku

Idan ka tambayi birkila kwana nawa bango zai ɗauka har linta, lamba ɗaya zai ba ka, kuma yawanci mai daɗin ji ce. "Maigida, kwana goma in Allah ya yarda." Kada ka tsaya a nan. Ka ce, "To Malam, idan komai ya tafi daidai, yashi da ruwa suna nan, yaranka duk sun zo fa?" Sai ya ce takwas. "Idan kuma abubuwa suka cuɗe, tifa ta ƙi zuwa, aka yi rashi a unguwa, siminti ya yanke?" Sai ya ɗan yi shiru ya ce, "Ai in haka ne, ranka ya daɗe, sai mu kai sha takwas." Waɗannan su ne lambobi ukun: `a` na kyakkyawan zato, `m` wanda ya fi yawan faruwa, `b` na mummunan zato. Mummunan zaton na matsalolin da aka saba gani ne idan suka taru, ban da gobara ko ambaliya.

Ana haɗa su da wannan ƙa'ida:

```
te = (a + 4m + b) / 6
```

Wato ana ba lambar tsakiya nauyi huɗu, na gefe kuma ɗaya ɗaya. A bangonmu, 8 da 40 da 18 sun zama 66, a raba shida, 11. Birkila ya ce goma, lissafi ya ce sha ɗaya. Kwana ɗayan da ya ƙaru ya fito ne daga rashin daidaiton gefe biyun: sa'a ba ta rage fiye da kwana biyu, amma rashin sa'a yana iya ƙara takwas. Haka yawancin ayyuka suke, jinkiri ya fi sauri fili.

Ga jerin duka, da kwanakin aiki:

```
    aiki                    yana jira   a   m   b   te
A   share fili da awo       -           1   2   3    2
B   buga bulo da bushewa    -           6   8  16    9
C   tushe da kankare        A           3   4   5    4
D   bango har linta         B, C        8  10  18   11
E   ƙera ƙofofi da tagogi   A          10  12  20   13
F   rufi                    D           4   5   6    5
G   bututun waya a bango    D           2   3   4    3
H   kafa ƙofofi da tagogi   D, E        1   2   3    2
I   filasta da bushewa      F, G, H     5   6  13    7
J   fenti                   I           2   3   4    3
```

Idan aka tara ginshiƙin ƙarshe za a sami kwana 59. Wannan lamba ba ta da amfani, domin ayyuka da yawa suna tafiya a lokaci guda. Wanda ya ba da ita a matsayin wa'adi bai zana komai ba tukuna.

Zanen kansa

Ka sami faffaɗar takarda ka kwantar da ita, ka yi aiki da fensir. Kowane aiki akwati ne, kibiya kuma tana nufin "wannan yana jiran wancan". Ka fara da akwati ɗaya a hagu mai suna Farawa, ka ƙare da ɗaya a dama mai suna Gamawa, dukansu ba su cin lokaci. Daga Farawa kibiyoyi biyu suna fita, zuwa A da B. Daga A biyu, zuwa C da E. B da C suna haɗuwa a D. Daga D uku suna fita, zuwa F da G da H, sai E ta zo ta ƙasa ta shiga H ita ma. F da G da H suna haɗuwa a I, daga I sai J, daga J sai Gamawa.

Ka bar wuri a kowane akwati don lambobi huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, harafin aikin da kwanakinsa a tsakiya. Tsawon kibiya ba ya nufin komai, don haka kada ka ɓata lokaci da rula.

Akwai tsohon salo, wanda shi ne na asalin PERT kuma har yanzu ana samunsa a littattafan makaranta da takardun jarrabawa, inda aikin yake kan kibiya, da'irori kuma suke nuna lokacin da wani abu ya kammala. Amsar da yake bayarwa ɗaya ce, sai dai yana da ɗan tarko. Dubi H: tana jiran D da E, amma F da G suna jiran D kaɗai. Idan ka sa kibiyar D da ta E suka ƙare a da'ira ɗaya, ka ce ke nan kafinta ba zai hau rufi ba sai mai walda ya gama, kuma wannan ƙarya ce. Maganin shi ne kowacce ta ƙare a da'irarta, sannan a ja kibiya mai ɗigo-ɗigo daga ƙarshen D zuwa mafarin H. Wannan kibiya ba aiki ba ce, kwanakinta sifiri ne, dogaro kawai take nunawa. A ganina, in ba jarrabawa ce ta tilasta maka ba, salon akwati ya fi sauƙi, domin ba ya buƙatar irin wannan kibiya sam.

Kafin ka fara lissafi, ka bi zanen da yatsa. Kowane akwati ya kasance da kibiya mai shiga da mai fita. Wanda ba shi da mai fita aiki ne da ka manta wa yake jiransa. Kuma kada a sami inda bin kibiyoyi zai dawo da kai akwatin da ka baro, domin hakan yana nufin aiki yana jiran kansa.

Tafiya gaba: lokaci mafi kusa

Lambobi biyun sama su ne `ES`, lokaci mafi kusa da aikin zai iya farawa, da `EF`, lokaci mafi kusa da zai iya ƙarewa.

```
EF = ES + te
ES = EF mafi girma cikin ayyukan da ake jira
```

Ana farawa daga 0. Lambar tana nufin kwanakin da suka riga suka wuce, don haka aikin da `ES` ɗinsa 2 ne yana farawa da safiyar kwana na uku. Wasu suna farawa daga 1 suna ƙarawa da rage ɗaya a kowane mataki. Hakan ma daidai ne, amma kada a gauraya su a zane ɗaya.

A tana farawa a 0 ta ƙare a 2. B tana farawa a 0 ta ƙare a 9. C da E dukansu suna farawa a 2, C ta ƙare a 6, E a 15. Sai D, mahaɗa ta farko. Tushe ya shirya tun a 6, amma bulo sai a 9, kuma birkila ba ya ɗora bango da rabin abin da yake buƙata, don haka ana ɗaukar babbar lamba. D tana farawa a 9 ta ƙare a 20. F da G suna farawa a 20, su ƙare a 25 da 23. H tana jiran D mai 20 da E mai 15, sai ta fara a 20 ta ƙare a 22. I tana jiran 25 da 23 da 22, ta ɗauki 25, ta ƙare a 32. J ta fara a 32 ta ƙare a 35.

Shagon zai ɗauki kwana 35 na aiki.

Dawowa baya: lokaci mafi nisa

Yanzu tambayar ta juya. Idan ba ma son mu wuce 35, har zuwa yaushe kowane aiki zai iya jinkiri? Lambobin ƙasa su ne `LF`, lokaci na ƙarshe da aikin zai iya ƙarewa, da `LS`, lokaci na ƙarshe da zai iya farawa.

```
LS = LF - te
LF = LS mafi ƙanƙanta cikin ayyukan da suke jiransa
```

Ana farawa daga dama. J dole ta ƙare a 35, don haka ta fara a 32. I dole ta ƙare a 32, ta fara a 25. F da G da H duk I ce take jiransu, saboda haka `LF` ɗin kowacce 25 ne. A ɗebe kwanakinsu: F ta fara a 20, G a 22, H a 23.

A D ne ake yawan zamewa. Ayyuka uku suna jiranta, da lambobi 20 da 22 da 23, kuma hannun da ya saba ɗaukar babba a tafiyar gaba zai so ya ɗauki 23. Ka yi tunanin abin da hakan yake nufi a fili. Idan bango ya ƙare a 23, mai kafa ƙofofi bai makara ba, amma kafinta, wanda dole ya hau a 20, ya makara da kwana uku. Wanda ya fi kowa gaggawa shi ne yake yanke wa'adi, don haka ana ɗaukar ƙarama. D dole ta ƙare a 20, ta fara a 9.

E, H kaɗai ke jiranta: ta ƙare a 23, ta fara a 10. B da C dole su ƙare a 9. B ta fara a 0, C a 5. A kuma tana da masu jira biyu, C mai 5 da E mai 10, sai ta ɗauki 5, ta fara a 3.

Idan ka iso hagu, aƙalla ɗaya daga ayyukan farko dole `LS` ɗinsa ya zama 0. A nan B ce. In ka iso ka tarar da 1 ko wata lamba ƙasa da sifiri, akwai kuskure a hanya, kuma yawanci a wata mahaɗa yake.

Rara

Rarar aiki ita ce kwanakin da zai iya makara ba tare da ranar gamawa ta motsa ba.

```
rara = LS - ES = LF - EF

     ES  EF  LS  LF  rara
A     0   2   3   5    3
B     0   9   0   9    0
C     2   6   5   9    3
D     9  20   9  20    0
E     2  15  10  23    8
F    20  25  20  25    0
G    20  23  22  25    2
H    20  22  23  25    3
I    25  32  25  32    0
J    32  35  32  35    0
```

Ka lissafa ta duka hanyoyin biyu. In suka saɓa, ɗebewarka ce ta kuskure. Ayyukan da rararsu sifiri ce, B da D da F da I da J, sun yi layi ɗaya daga Farawa har Gamawa, kuma jimlarsu 9 da 11 da 5 da 7 da 3 ita ce 35. Wannan ce matsattsiyar hanya, mafi tsawo a zanen. Ka bi ta da jan biro. Duk kwanan da aka rasa a kanta an rasa shi a ginin gaba ɗaya. Abin lura, aikin da ya fi kowane tsawo, wato E mai kwana 13, ba ya kanta, har ma shi ya fi kowa rara.

A nan ne jadawalin yake iya yaudarar mutum. An rubuta 3 a gaban A, an rubuta 3 a gaban C, sai a ɗauka kwana shida ne. Uku ne kawai, kuma na tarayya ne. Idan mai awo ya cinye su, ya gama a 5, masu tushe za su fara a 5 su ƙare a 9, ba su da ko rabin yini na wasa. Rarar ta hanyar ce, kamar kuɗin cefanen gida: wanda ya riga ya ɗiba ya rage wa na baya. Haka E da H: idan mai walda ya yi amfani da takwas ɗinsa duka, ukun da ke gaban H sun tafi tare da su.

Saboda wannan ake lissafa rara ta biyu, 'yantacciyar rara, wato kwanakin da aiki zai iya makara ba tare da ya hana wani na bayansa farawa da wuri ba. Ana samunta ta ɗebe `EF` na aikin daga `ES` mafi ƙanƙanta na masu jiransa. Ga A, 2 a ɗebe 2, sifiri: kowane jinkirinta yana taɓa C da E nan take. Ga C, 9 a ɗebe 6, uku. Ga E, 20 a ɗebe 15, biyar. Ma'ana, cikin kwana takwas na mai walda, biyar nasa ne, ukun sauran kuwa aro ne daga H. Shi ya sa ba na ganin hikimar faɗa wa kowane ma'aikaci cikakkiyar rararsa. Ka ba mai walda wa'adin 20, kai ka riƙe 23 a aljihu.

Idan ana son a rage kwanaki

A ce mai shago ya ce dole a gama cikin 33, domin ɗan haya zai shiga. Sai ka sake dawowa baya kana farawa da `LF` na 33. Duk rarar za ta ragu da biyu: matsattsiyar hanya ta koma ƙasa da sifiri da kwana biyu, G ta koma sifiri, A da C da H su koma ɗaya. Rara mai alamar ɗebewa tana faɗa maka adadin kwanakin da dole a nemo, kuma a kan jan layin kaɗai ake nemo su. Ƙara wa masu tushe leburori ko biyan mai walda kuɗin gaggawa asarar kuɗi ce, ba za ta rage ko sa'a ɗaya ba.

Dabarar da ta fi kusa ita ce a sayi busasshen bulo daga masu sayarwa maimakon a buga. A ce oda da kawowa kwana 2 ne. B ta sauko daga 9 zuwa 2, an rage bakwai, kuma za a so a ce ginin ya koma 28. Sake lissafawa. D tana jiran B mai 2 da C mai 6, don haka ta fara a 6. Ribar kwana uku ce kacal, ginin ya koma 32, jan layin kuma ya ƙaura zuwa A, C, D, F, I, J. Masu haƙa tushen da ba su da gaggawa ɗazu, yanzu su ne abin sa wa ido. Rage aiki a matsattsiyar hanya yana amfani ne har zuwa inda rarar hanyar da ke bi mata ta ƙare. Duk lokacin da ka canza lamba ɗaya, ka sake tafiyar gaba da ta baya.

Wace tabbas ke ga 35?

Ƙiyasi ukun suna da amfani na biyu. Tazarar da ke tsakanin `a` da `b` tana nuna yadda aikin yake da rashin tabbas, kuma PERT tana auna ta haka:

```
v = ((b - a) / 6)^2
σ = √(jimlar v a matsattsiyar hanya)
z = (wa'adi - 35) / σ
```

Mu koma shirin farko, na buga bulo. B da D kowacce tazararta 10 ce, `v` ya zama 2.78. I tana da tazarar 8, wato 1.78. F da J kowacce 0.11. Jimla 7.56, `σ` kuma kimanin kwana 2.75. A lura, `v` ake tarawa sannan a fitar da `σ` sau ɗaya a ƙarshe. Tara `σ` na kowane aiki kuskure ne da yake kumbura lambar.

Kwana 35 shi ne tsakiya, wato damar gamawa a cikinsa kusan rabi da rabi ce. Ga wa'adin 38, `z` ya zama 3 a raba 2.75, kimanin 1.09, wanda jadawalin `z` yake nunawa a matsayin kusan kashi 86 cikin ɗari. Da kuwa an tara lambobin da ma'aikata suka fara faɗa, 8 da 10 da 5 da 6 da 3, da an yi wa mai shago alkawarin 32, kuma damar cika shi kusan kashi 14 ce kawai. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya faɗi abin da ya fi yawan faruwa, amma wuya ne mutum biyar a jere su dace gaba ɗaya.

Kada a riƙi 86 ɗin nan da ƙarfi. Lissafin ya ɗauka jinkirin wani aiki ba shi da alaƙa da na wani, alhali ruwan sama ko yankewar siminti yana bugun B da D da I tare. Ya kuma kalli jan layi kaɗai. A mahaɗar I, G tana ƙarewa kwana biyu kawai kafin F, kuma a mahaɗa wanda ya fi makara shi ake jira. Idan akwai hanyoyi da yawa masu ƙaramar rara, ainihin damar ta yi ƙasa da abin da lissafin ya bayar. Ayyuka biyar ma sun yi kaɗan ga ƙa'idar da aka gina lissafin a kanta. Abin da na fi amincewa da shi daga wannan sashe shi ne inda ya nuna rashin tabbas ya taru: B da D su kaɗai suna ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu nasa, don haka can ne ya kamata a tanadi yashi da ruwa da siminti tun da wuri.

Abubuwa biyu da zanen ba ya gani

Zanen ya ɗauka kowane aiki yana da mutanensa. A takarda A da B suna tafiya tare, amma idan leburori huɗu ne kawai, kuma su ne masu share fili, su ne masu ɗiban ruwa wa mai bulo, to ba za su rabu gida biyu ba. A nan rara take aiki: ka ba B mutanen tukuna tunda ba ta da rara, A ta jira cikin kwana ukunta. In ta wuce uku, dole a ƙara mutane ko a ƙara kibiya a yarda kwanakin sun ƙaru.

Na biyu kalanda ce. Kwana 35 na aiki ne. Idan ana hutun yini ɗaya a mako, sun kusa mako shida, ban da Sallah in ta faɗo a ciki. Bushewar bulo da ta filasta kuwa ba ta san hutu ba, tana tafiya ko ma'aikata suna gida, don haka dabara ce a sa kwanakin bushewa su faɗa kan ranar hutu.

Bayan an fara

A ƙarshen kowane mako ka maye ƙiyasin ayyukan da suka ƙare da ainihin kwanakinsu, ka tambayi waɗanda ke kan aiki kwana nawa ya rage musu, ka sake lissafi daga nan. Ginshiƙin da za ka fi dubawa shi ne `LS` na ayyukan da ba a fara ba. A ce kwana 12 sun wuce, bango yana tashi lafiya, kowa hankalinsa yana can, sai ka leƙa shagon mai walda ka tarar ƙarafan suna jingine a bango ko yanka su bai yi ba, ana ta fama da rashin wuta. `LS` na E 10 ne. In ya fara yau zai ƙare a 25, H ta ƙare a 27, filasta ta fara a 27 maimakon 25, ginin ya koma 37. Aikin da ya fi kowa rara shi ne yanzu a kan jan layi. Zaɓin da ke gabanka uku ne: a raba odar tsakanin masu walda biyu, ko a biya kuɗin man janareta don a rage masa kwana biyu, ko a raba E gida biyu, ya fara ƙera firam ɗin da filasta take jira, ganyayen ƙofofin su biyo baya lokacin fenti. Na ukun ba ya cin ko kwabo, sai dai ka goge akwatin E ka zana biyu a wurinsa, ka sake tafiyar gaba da ta baya.